Gajimaren Ichimoku: yadda ake gane inda farashi ya dosa

Duk wanda ya fara ɗora Ichimoku a kan jadawalin farashi a wayarsa, abin da yake fara gani tamkar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi ne: layuka biyar sun sarƙe, ga kuma wani inuwa-inuwa mai launi da ya zarce farashin yau ya miƙa gaba. Wannan inuwar ita ce Japanawa suke kira Kumo, wato gajimare. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya kashe sauran layukan tukuna, ya zauna da gajimaren shi kaɗai har sai ya san daga ina ya taso.

Wani ɗan jarida ne a Japan, Goichi Hosoda, ya ƙirƙiro tsarin. Ya fara aikin tun shekarun 1930, bai fito da shi fili ba sai ƙarshen shekarun 1960. Cikakken sunan shi ne Ichimoku Kinko Hyo, ma'ana jadawalin da kallo ɗaya ya isa a ga daidaiton kasuwa. Lambobi uku ne ginshiƙinsa: 9, 26 da 52. Bayanin da aka fi yi shi ne, a wancan zamani kwana shida ake cin kasuwa a mako a Japan, don haka 26 wata guda ne na ciniki, 52 wata biyu, 9 kuwa mako ɗaya da rabi.

Lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. Ana duba wasu kwanaki, a ɗauki farashi mafi tsada da mafi araha da aka taɓa a cikinsu, a haɗa a raba biyu. Tsakiyar kwana 9 ita ce Tenkan-sen, tsakiyar kwana 26 ita ce Kijun-sen. Daga nan gefuna biyu na gajimaren suke fitowa:

```
Senkou Span A = (Tenkan-sen + Kijun-sen) / 2
Senkou Span B = (mafi tsada + mafi araha na kwana 52) / 2
```

Sai a zana su biyun kwana 26 a gaba, a shafe tsakaninsu da launi.

Mu gwada da dala da yen, kuɗin ƙasar da abin ya fito, da lambobin misali. A ce cikin kwana 9 da suka wuce dala ta taɓa yen 152 a sama, 148 a ƙasa: Tenkan-sen ya zama 150. Cikin kwana 26 ta taɓa 152 da 144: Kijun-sen ya zama 148. Tsakiyar 150 da 148 ita ce 149, shi ne Senkou Span A. Cikin kwana 52 kuwa ta taɓa 152 da 138, Senkou Span B ya zama 145. Ke nan nan da kwana 26 gajimare zai tsaya tsakanin 145 da 149, kaurinsa yen huɗu. Tunda gefen A, mai bin kwanakin kusa, yana saman gefen B, yawancin manhajoji za su shafa masa kore. Da B ne a sama, ja za su shafa.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Suna ganin gajimare ya riga farashi isa gaba, sai su ɗauka duba ne, wai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Babu ko ɗigon labarin gobe a cikinsa. Kowace lamba da ke ciki ta cinikin da aka riga aka gama ce, an dai tura ta gaba ne. Gajimaren da ke ƙarƙashin farashin yau ma, tun kwana 26 da suka wuce aka lissafa shi.

Karanta alkibla kuwa tambaya ɗaya ce: ina farashi yake? Idan yana saman gajimare, masu saye ne ke da rinjaye, domin ana ciniki a kan kuɗin da ya fi tsakiyar 'yan watannin baya. Idan yana ƙasa, masu sayarwa ne ke jan ragama. Idan yana tsakiyar gajimaren, kasuwa ba ta yanke shawara ba, kuma nan ne wurin da ya fi dacewa mutum ya naɗe hannu. Launi shaida ce ta biyu kawai. Farashi a sama, gajimaren gaba kore kuma yana hawa, shaidu biyu sun haɗu. Farashi a sama amma na gaba ya rikiɗe ya yi ja, hawan ya fara gajiya.

Mu koma kan misalinmu. Kwana 26 sun cika, dala ta haura 153 ta sauko zuwa 149.50, tana dab da bakin gajimare. Mai bin Ichimoku yana ɗaukar 149 a matsayin dabe na farko da farashi zai iya dira a kai ya tashi, 145 kuma dabe na ƙarshe. Ba ya saye don kawai an taɓa layi. Yana jira ya ga inda kasuwar ranar ta rufe. In ta leƙa 148.60 da rana amma ta rufe a 149.80, daben ya riƙe. In ta rufe a 147, an shiga cikin hazo. In ta rufe ƙasa da 145, zancen hawa ya ƙare, kuma gajimaren da ya kasance dabe ya koma rufi, wanda farashi zai riƙa bugawa da ka idan ya yunƙuro.

Alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba, kuma haka ake kallon gajimare: mai kauri ya fi wuyar hudawa, siriri kuwa, musamman inda gefunan biyu suka gitta juna, kyandir ɗaya na iya ratsa shi. Sai dai kaurin yana da kuɗinsa, abin da ba kasafai ake faɗa wa sabon shiga ba. Wanda ya saya a 149.80 ya ce ba zai fita ba sai an karya 145, ya yarda da asarar kusan yen biyar a kan kowace dala, sama da kashi 3 cikin ɗari. In da kuɗin aro na dillali ya ninka cinikinsa sau talatin, wannan 'yar tazarar ta isa ta cinye kusan duk jarinsa kafin gajimaren ya gama ba da amsa.

Akwai lokutan da ba ya aiki, kuma ana iya gane su da ido. Idan kasuwa tana kai da komo a wuri ɗaya, gajimare yakan kwanta, ya sirance, launinsa ya yi ta sauyawa, farashi ya fita sama yau ya faɗo ƙasa jibi. Wanda ya bi kowace fita a irin wannan yanayi, kuɗin dillali kaɗai zai tatse shi. Haka kuma a jadawalin minti biyar, 26 ɗin nan ba wata guda ba ne, awa biyu ne da minti goma, alhali don jadawalin kwana-kwana aka gina lambobin.

Na ƙarshe shi ne labarin da ya faɗo daga sama. A watan Satumba na 2022 gwamnatin Japan ta shiga kasuwa tana sayen yen don tallafa masa, karo na farko tun 1998. Ta sake shiga ranar 21 ga Oktoba, lokacin da dala ta kusa yen 152, kuma cikin 'yan awoyi dala ta zube da yen da dama. A ranar, farashi yana can saman gajimaren kwana-kwana, duk alamu na cewa hawa ake yi. Layukan da aka zana da cinikin watan jiya ba su da hanyar sanin abin da ake shiryawa a Ma'aikatar Kuɗi a Tokyo.