Ta Ina Bututu Zai Bi? Yadda Taswira Ke Lissafa Hanya Mafi Araha

A ɗauka an gina tankin ruwa a kan wani tudu, ana so a ja bututu zuwa wani ƙauye mai nisan kilomita 3. A tsakaninsu akwai gonaki, da wani dutse mai sarƙaƙiya, sannan fadama kafin a shiga gari. Wanda ya ɗauki rula zai ja layi miƙe, ya ce ga hanya. Masu haƙa kuwa sun san mita ɗaya a cikin dutse tana iya cin kuɗin mita goma a jigawa. Abin da injiniya ke nema shi ne hanyar da jimillar wahalarta ta fi ƙanƙanta, ko da ta fi tsawo, kuma yau manhajojin taswira na kyauta irin su QGIS da GRASS suna iya fitar da ita.

Aikin yana farawa da yanka yankin gida-gida kamar filin dara, kowane gida faɗinsa mita 30, a ba shi lamba ɗaya. Irin wannan taswira ake kira rasta. Ana buƙatar guda biyu. Ta farko tana nuna tsayin ƙasa, kamar bayanan SRTM da kumbon Endeavour ya auna da rada a watan Fabrairun 2000. Daga cikinta manhaja ke lissafa gangara, wato yadda kowane gida ya ɗara maƙwabtansa tsayi ko ya gaza su. Ta biyu tana nuna abin da ke kan ƙasar: gona, ciyawa, sarƙaƙiya, gidaje ko ruwa. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta fitar da irinta ta shekarun 2020 da 2021 mai suna WorldCover, gidajenta mita 10 ne, don haka sai an daidaita girman gidajen taswirorin biyu kafin a haɗa su.

Daga nan mutum ke shigowa da hukuncinsa. Shi zai ce filin Allah mai ciyawa tsadarsa 1, gona 2 saboda diyya, sarƙaƙiya 3 saboda sara, fadama 8 saboda ruwa yana cika ramin kuma gefensa yana ruftawa. Gangara ita ma a ba ta nata ma'auni: inda ƙasa ke kwance a ninka da 1, inda ta miƙe fiye da kashi 20 cikin ɗari a ninka da 4. Gidan da ke jikin dutsen nan mai sarƙaƙiya ya zama 3 sau 4, wato 12. Idan aka yi wa kowane gida haka, an sami rastar tsada. Kada a ba wani gida sifili, domin bututun kansa da kuɗi ake saye. In aka yi haka hanya za ta yi ta kewaye-kewaye a wurin tamkar kyauta ne.

Yanzu a gwada lissafin. Layin nan miƙaƙƙe gida 100 ne: 60 a gona, tsadarsu 120, 25 a jikin dutse, 300, 15 a fadama, 120. Jimla 540. Wata hanya da ta zaga gindin dutsen ta tsallaka fadamar a inda ta fi matsewa tana da gida 130, kimanin kilomita 3.9: 100 a gona, 26 a fili, 4 kacal a fadama. Jimlarta 258, ƙasa da rabin ta farko, duk da ƙarin mita 900.

Kwamfuta ba ta gwada hanyoyi ɗaya bayan ɗaya. Tana bin dabarar da Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959: ta fara daga tanki, ta bazu zuwa gidan da ya fi arahar isa, tana rubuta wa kowane gida mafi ƙarancin jimillar da za a kashe kafin a kai gare shi, da kuma maƙwabcin da aka fito daga wurinsa. Takun da aka yi a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, ana lissafa shi mita 42 maimakon 30. In ta gama, sai a tsaya a ƙauyen a bi sawu baya har tanki. A GRASS layi biyu ne:

```
r.cost -k input=tsada output=jimla outdir=alkibla start_points=tanki
r.path input=alkibla format=auto start_points=gari vector_path=hanya
```

Alamar `-k` tana ba hanya damar fita ta fuskoki 16 maimakon 8, abin da ke rage mata lanƙwasa marar dalili.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake karɓar layin da ya fito a allo kamar hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Lambobin nan 2 da 8 da 12 mutum ne ya sa su. A ce an gano dutsen ƙasa ce mai laushi, fadamar kuma da rani za a haƙa ta, sai aka mayar da kowannensu 2: layin miƙe ya koma 200, na zagaye 234, hukunci ya juye. Saboda haka lambobin su fito daga bakin ’yan kwangila da masu haƙa da suka san farashin mita a kowace irin ƙasa, kuma a maimaita lissafin ana ɗaga su ana sauke su. Sashen hanyar da bai motsa ba duk da canjin, ana iya dogara da shi. Inda ta yi ta tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, can ne safiyo zai fara zuwa.

Akwai kuma kurakuran da ake gane su da ido. Idan taswirar gangara ta nuna kusan ko'ina tsaye kamar bango, an bar ta ne a ma'aunin digiri alhali tsayi yana cikin mita. Yankin Kano da Kaduna da Jos sai a mayar da shi `EPSG:32632`. Idan hanya ta ratsa kogi ba gada, a duba da kyau: kogin siriri ne a rasta, hanyar ta sulale ta tsakanin kusurwoyin gida biyu, maganinsa a kaurara shi. Kwazazzabon da zaizayar ƙasa ta yanka mai faɗin mita 5 ba zai fito a gidan mita 30 ba sam. Maƙabarta da burtali da gonar da ake rigima a kanta kuwa babu su a cikin rukunan taswirar. Dagaci da mai unguwa ne za su nuna su, a zana su da hannu, a rufe gidajen da ba a yarda a taɓa ba.

Hanyar ƙafa tana da nata bambanci, domin hawa da sauka ba ɗaya ba ne. Ma'aunin da Waldo Tobler ya fitar a 1993 yana ba mai tafiya kimanin kilomita 5 a awa a ƙasa kwance, 6 a ɗan gangare mai sauƙi, 2.5 kawai a hawan kashi 20 cikin ɗari. Don haka hanyar zuwa tana iya bambanta da ta dawowa, kuma `r.walk` ake amfani da shi a nan, domin yana la'akari da alƙiblar tafiya. Bututun da ruwa zai gangaro cikinsa da kansa shi ma yana da sharaɗin da rastar tsada ba ta sani ba: dole duk gidan da ya kai tsayin tanki a rufe shi tun farko. Bayan hanya ta fito, injiniyan ruwa zai zana hawa da saukarta daga tanki zuwa gari, ya lissafa ƙarfin da ruwa ke rasawa a cikin ƙarin mita 900 ɗin, ya ga ko sai an ƙara wa bututun faɗi.