Yadda Ake Gina Labarin Wasan Gaskiya Ga Yara

Idan za ka rubuta wa yara labarin wasan gaskiya, ka sa ƙungiyar jarumin a baya, domin mai cin wasa ba ya cikin jarrabawa.

A ce an ci ƙungiyar Sani biyu da ɗaya, saura minti 3. Ƙwallo ta taɓa hannunsa ta faɗa raga, alƙalin wasa bai gani ba, ya busa. Nan labarin yake. Ka tsaya a wurin: abokai sun rungume shi, shi kuwa ƙirjinsa na bugawa, yana kallon hannunsa. Sai ya je ya faɗi gaskiya.

Wannan ya taɓa faruwa. A 2012 Miroslav Klose na Lazio ya ci Napoli da hannu, ya amsa, aka soke ƙwallon, kuma Lazio ta sha kashi.

Inda marubuta ke kuskure shi ne su saka wa Sani da nasara a minti na ƙarshe. Yaro zai ɗauka gaskiya dabarar cin wasa ce. Bari su sha kashi, wani abokinsa ya yi fushi, amma a wasa na gaba da gardama ta tashi, ƙungiyoyin biyu su ce a tambayi Sani.