Abin da ke riƙe fuli a jikin shaf ba tare da noti ko walda ba

A jikin injin niƙa, famfon ban-ruwa da gatarin jirgin ƙasa akwai wani haɗi da ke ba mutane mamaki. Za ka ga fuli ko giya ko taya ta kama shaf tam, babu noti, babu walda, amma ko an sa guduma ba ta motsi. Sirrin shi ne tun wajen ƙira aka sa ramin ya fi shaf ƙanƙanta kaɗan, sannan aka tura shi ciki da ƙarfi. Kaɗan ɗin nan kuwa bai kai kaurin gashin kai ba, kuma a kansa komai ya rataya.

Idan shaf ya shiga ramin da bai ishe shi ba, dole kowane ɓangare ya sassauta. Shaf ya ɗan matse, cibiyar fuli, wato kaurin ƙarfen da ke kewaye da ramin, ta ɗan buɗe. Ƙarfe kuwa yana son komawa yadda yake, kamar robar da aka ɗaure kaya da ita. Wannan ƙoƙarin komawa shi ke haifar da matsi a inda fuskokin biyu suka haɗu, matsin kuma shi ke hana su zamewa. Amma wahalar da ɓangarorin biyu ke sha ba iri ɗaya ba ce. Shaf danne shi ake yi ta ko'ina, ƙarfe kuma ba ya jin tsoron danniya. Cibiya ita ce ake ja a kewaye kamar za a yage ta, kuma jan ya fi tsanani a bakin ramin daga ciki. Shi ya sa in abu zai fashe, cibiya ce ke fashewa, tsagar kuma daga ciki take farawa.

Lissafin wannan ya samo asali ne daga aikin Gabriel Lamé, wani masanin Faransa na ƙarni na 19. Idan shaf ba shi da rami a ciki, kuma shi da cibiya duk ƙarfe iri ɗaya ne, ga yadda ake samun matsin:

```
p = (E × δ / 2d) × (1 − d²/D²)
```

A nan d kaurin shaf ne, D faɗin cibiya daga waje, δ shi ne abin da shaf ya fi rami, E kuma taurin ƙarfe wajen miƙewa, wanda ga baƙin ƙarfe na sitil ya kai kusan megafaskal 210,000.

Mu ɗauki shaf mai kaurin milimita 50, cibiya mai faɗin milimita 100 da tsawon milimita 60, shaf ya fi rami da milimita 0.04. Matsin da zai fito megafaskal 63 ne, wato kamar a ɗora kilo 640 a kan kowane santimita murabba'i. Jan da ke bakin ramin kuwa ya kai 105. In aka ɗauki santsi irin na ƙarfen da aka ɗan shafa wa mai, sai an sami injin matsi mai ƙarfin kusan tan 7 kafin a tura shaf ɗin ya shige duka. Duk wannan daga milimita 0.04.

Yanzu a ce mai ƙira ya so ya rage kuɗin ƙarfe, ya mai da faɗin cibiya milimita 60 maimakon 100. Matsin zai faɗo zuwa kusan 26, amma jan da ke bakin ramin ya hau zuwa 142. An yi asara biyu ke nan: riƙo ya ragu da fiye da rabi, haɗarin fashewa kuma ya ƙaru. Siririyar cibiya buɗewa take yi cikin sauƙi, don haka ba ta matse shaf sosai, ita ce kawai ke shan miƙewa. Sai dai kauri ma yana da iyaka. Ko da za a yi cibiyar ta kai faifai, matsin a wannan misali ba zai wuce 84 ba. Da zarar faɗinta ya ninka kaurin shaf sau biyu, an riga an sami kashi uku cikin huɗu na abin da za a taɓa samu, sauran ƙarin nauyi ne kawai.

Inda aikin ke da wuya shi ne awo. Babu injin da ke fitar da milimita 0.04 cif kullum, saboda haka masana'antu ke aiki da tazarar da aka amince da ita. A ma'aunin da ake rubutawa H7/s6, ga shaf na milimita 50, bambancin zai iya kamawa daga 0.018 zuwa 0.059. Wato fuli biyu daga kwali ɗaya, ɗaya na iya fin ɗayan matsi sau uku. Mai ƙira kan duba ƙaramin adadi ya tabbatar haɗin ba zai zame ba, ya duba babban ya tabbatar cibiya ba za ta tsage ba. Irin wannan bambanci ba a gane shi da ido ko da tef, sai da maikiromita. Kuma in fuskar ƙarfen tana da kaushi, wani sashe na bambancin gogewa yake yi lokacin turawa, sai riƙon ya gaza abin da aka lissafa.

Akwai hanyar da ta fi turawa da ƙarfi, wato zafi. Sitil yana buɗewa da kusan kashi 12 cikin miliyan a kowane digiri. Don ramin nan namu ya buɗe da milimita 0.09, ya ba shaf hanya har da ɗan sarari, sai a ƙara masa zafin digiri 150 a kan na gari, a zura shi da sauri, a bar shi ya huce. Fuska ba ta karcewa, riƙon ma ya fi kyau. Boris dai ba a kai shi nan, masu ƙera shi sun ce kada ya wuce digiri 120, kuma ba a sa masa harshen wuta kai tsaye. Zafin nan yana iya zama abokin gaba: cibiyar alminiyom tana buɗewa kusan ninki biyu na sitil, saboda haka in injin ya ƙara zafi da digiri 70 ko ɗoriya, bambancin 0.04 ya tafi, fuli ya saki.

Haɗin da ya fara lalacewa ba ya ɓoyewa. In ka ga jan gari mai kama da tsatsa yana fitowa daga gefen cibiya, fuskokin suna gogar juna ne a hankali, matsi ya yi kaɗan. In fulin ƙarfen zubi ne aka matsa fiye da kima, tsaga za ta bayyana, galibi daga kusurwar gurbin ki, domin ƙarfen zubi ba ya jure ja, kusurwa mai kaifi kuma tana tara wahala wuri ɗaya. Shaf shi ma yakan karye daidai inda cibiya ta ƙare, bayan ya daɗe yana juyawa da nauyin bel a kansa.

A gareji da yawa, in fuli ya saki, sai a ɗauki fanci a hudduge jikin shaf don ya yi tudu-tudu, a buga fulin da guduma a ce an gama. A ganina wannan jinkirta asara ce kawai. Tudun nan ƙanana ne, su kaɗai ke ɗaukar nauyin da ya kamata fuska duka ta ɗauka, ba sa daɗewa suke lotsewa, fulin kuma ya koma yana layi har ya ci boris. Ɗiga walda a gefe ma na iya lanƙwasa shaf ko ta raunana shi a daidai wurin da ya fi shan wahala. Gyaran gaskiya shi ne a sa wa ramin bushi, ko a cike shaf a sake fiƙe shi daidai awo. Mai injin da aka ce za a yi masa wannan aiki, ya tambayi makaniki nawa shaf ya fi rami, kuma da me ya auna.