Kafin ka sa hannu a takardar biyan inshora, ka yi lissafinka

Yawancin masu motocin da ke zirga-zirga tsakanin Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura inshorar dole kawai suke yanka, wadda hukumar NAICOM ta mayar da kuɗinta naira 15,000 ga ƙananan motoci na gida tun daga Janairun 2023. Ita wannan ba ta gyara motar mai ita. Ɓarnar da ya yi wa dukiyar wani take biya, har zuwa naira miliyan 3. Amma akwai waɗanda suka yanki cikakkiyar inshora, ko takaful, sau da yawa don banki ko ƙungiyar da ta ba su bashin motar ta sharɗanta hakan. Su ne ke shan mamaki ranar biya: an kai takardar gyara ta dubu ɗari shida, alat ya shigo da dubu ɗari huɗu da 'yan kai. Wani ya ce an cuce shi, wani ya ce ƙaddara ce ya yi shiru. Da wuya ka ga wanda ya ɗauki biro ya bi lissafin, alhali ba ya ɗaukar minti goma.

Abu biyu ake cirewa bisa ƙa'ida. Na farko shi ne abin da wakilan inshora ke kira ekses, wato wani adadi da mai mota ya yarda tun ranar yankan inshora cewa shi zai ɗauka daga kowace asara kafin kamfani ya sa hannu a aljihu. Na biyu shi ne kason haɗaka, wani kaso cikin ɗari na kuɗin da ke komawa kan mai inshora. Ba kowace yarjejeniya ce ke ɗauke da su duka ba, kuma a nan ne rikici ke farawa.

Mu ɗauki misali. Wani ɗan kasuwa a Gwiwa ya yi karo a hanyar Kazaure zuwa Kano. Bakanike da mai gyaran jikin mota suka rubuta masa naira 600,000: bamba, lagireto, fitilu biyu, batir, fenti da kuɗin aiki. Kamfani ya turo mai kimanta ɓarna, ya duba motar, ya amince da 520,000. Wannan shi ne wurin farko da ya kamata a tsaya a yi tambaya, domin ba a kan 600,000 za a yi sauran lissafin ba. Ina 80,000 ta tafi? Wataƙila akwai lotsewar ƙofa da ta riga haɗarin, wataƙila batirin da ya fashe ya tsufa kuma ba za a biya cikakken kuɗin sabo a madadinsa ba, wataƙila mai kimantawar ya ga farashin fitilun ya fi na Ƙofar Ruwa. Duk waɗannan dalilai ne da ake iya karɓa, amma sai an rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Idan farashi ne matsalar, mai mota na iya kawo rasit ko takardar farashi daga shaguna biyu ya kare kansa.

Yanzu a ce yarjejeniyar ta ambaci ekses na naira 50,000 da kuma kashi 10 cikin ɗari. Idan an fara cire 50,000 daga 520,000, saura 470,000. Kashi goma na wannan 47,000 ne, don haka za a biya 423,000. Idan kuwa aka fara cire kashi goma na 520,000, wato 52,000, sannan aka cire 50,000, abin da zai rage 418,000 ne. Lambobi iri ɗaya, amma sauya jeri kaɗai ya ci naira 5,000, domin a hanya ta biyu mutum ya biya kaso a kan kuɗin da dama shi ne ya ɗauke su. A yarjejeniyar da ta haɗa biyun, abin da aka saba shi ne ekses ya fita tukuna, sai dai idan takardar ta faɗi akasin haka a fili.

Akwai karatu na uku, kuma shi ya fi damuna. A takardun inshorar mota da yawa a Najeriya, jimlar cewa take: adadi kaza, kamar 50,000 na misalinmu, ko kashi 10 cikin ɗari na asarar, duk wanda ya fi yawa. Wannan cirewa ɗaya ce, ba biyu ba. A misalinmu 52,000 ta fi 50,000, ita kaɗai za a cire, a biya 468,000. Wanda aka cire masa duka biyun a ƙarƙashin irin wannan jimla ya rasa 45,000 ko 50,000 ba bisa haƙƙi ba, kuma ba zai taɓa sani ba in bai buɗe shafin jadawalin yarjejeniyarsa ya karanta layin da kansa ba, ko ya sa wani mai jin Turanci ya karanta masa a hankali.

Idan abin da aka biya ya faɗi ƙasa da duk waɗannan, kamar a ce 210,000, to da alama darajar motar ce ta jawo. Wanda ya rubuta motarsa a miliyan 4 a 2022, ya ci gaba da sabuntawa a haka bayan faɗuwar naira daga tsakiyar 2023, zai iya tarar da motar ta kai miliyan 8 a kasuwa. Inda yarjejeniya ta tanadi haka, kamfani zai ce rabin motar aka yi wa inshora, rabin asara zai ɗauka: 260,000, a cire 50,000 tunda yanzu ita ce mafi yawa. Wannan ba kuskuren lissafi ba ne, kuma maganinsa sai a ranar sabuntawa.

A ɓangaren inshorar lafiya ma akwai kason haɗaka, amma abin ya fi sauƙi. Ma'aikatan tarayya, irin na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, suna ƙarƙashin tsarin NHIA, inda majinyaci ke biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin maganin da aka rubuta masa daga cikin jerin magungunan hukumar. Maganin 18,000 naka 1,800 ne. Kason na magani ne, ba na ganin likita ba. Ma'aikatan jiha kuwa su tambayi hukumar JICHMA tasu ƙa'idar a rubuce.

Kafin a biya kuɗin mota, kamfani kan aiko da takardar amincewa, wadda sa hannu a kanta ke nufin ka karɓi adadin a matsayin cikakken biya. Bayan nan jayayya kan yi wuya ƙwarai. Don haka, ɗan'uwa, ko da bakanike yana matsa maka, ka nemi a rubuto maka abin da aka amince da shi, abin da aka cire, da sashen yarjejeniyar da ya ba da damar cirewar. In lissafinka da nasu bai zo ɗaya ba, ka rubuta wa kamfanin ka ajiye kwafi, in ba su gyara ba ka kai ƙorafi NAICOM.