Takardar Hedimasta Kan Sabon Lokacin Makaranta: Yadda Ake Karanta Ta A Gida

A farkon zangon karatu, ko kuma ana gab da azumi, makarantu kan ba yara takarda su kai wa iyaye. Yawanci shafi ɗaya ce, da tambarin makaranta a sama da sa hannun hedimasta a ƙasa, tana sanar da cewa an sauya lokacin shiga da na tashi, kuma daga yanzu ba za a lamunci latti ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan takardu a ƙasan jaka suke ƙarewa, tare da ɓawon gyaɗa da guntun fensir. Uba ba ya jin labarinsu sai ranar da mai gadi ya koro masa ɗa da ƙarfe takwas na safe. Alhali kuwa takardar da ta matsar da ƙararrawa da rabin awa ta taɓa lokacin ɗora tukunya, da makarantar allo, da Islamiyya, har da lokacin kwanciyar yara.

Mu ɗauki misali da wata firamare ta jeka-ka-dawo a cikin gari, wadda a da ake shiga da ƙarfe 8:00 a tashi 1:30. Takarda ta zo tana cewa daga Litinin mai zuwa za a buɗe ƙofa da 7:00, a kaɗa ƙararrawar taron safe da 7:30, a fara darasi na farko da 7:45, a tashi da 2:00, ranar Juma'a kuma da 12:00. Wannan takarda ta yi abin da ya kamata, domin ta bambance lokuta uku da mutane suka saba haɗawa wuri ɗaya: buɗe ƙofa, da ƙararrawa, da fara darasi. Yawancin rigimar da ake yi a bakin ƙofar makaranta daga nan take tasowa. Takarda ta ce "ana shiga da 7:30" kawai, sai uba ya fahimci cewa a lokacin ne yaro zai iso ƙofa, malamin da ke kan aiki kuma ya fahimci cewa a lokacin ya kamata yaro yana tsaye a layinsu, ya ajiye jaka, an ma gama shara. Kowa yana ganin shi ne mai gaskiya. Saboda haka abu na farko da za a nema a cikin takardar shi ne jimlar da ta faɗi ainihin mintin da ake fara ƙirga latti. In babu ita, a je a tambaya kafin ranar da dokar za ta fara aiki.

Me ya sa ma ake sauya lokaci? Wani lokaci umarni ne daga sama, hedimasta isarwa kawai yake yi. A watan Disamba na 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da ma'aikatanta aikin kwana huɗu a mako, a Janairun 2022 kuma ta umarci makarantun gwamnati su bi wannan tsari. Darussan Juma'a dole su samu gurbi a sauran kwanakin huɗu, kuma babu inda za a samo wannan gurbi sai a tsarin awoyin yini. Wani lokacin kuma dalilin na cikin gida ne: ɗalibai sun fi ƙarfin azuzuwa an raba su ’yan safe da ’yan yamma, ko zafin bazara ya sa ana so a sallami yara kafin rana ta take, ko an ƙara darasi a jadawali. Takarda mai kyau tana faɗin dalilin ko da a layi biyu ne. Iyayen da suka san dalili sun fi saurin ba da haɗin kai, kuma sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa in suna da ƙorafi, ta hedimasta ce ko ta ofishin ilimi na ƙaramar hukuma.

Yanzu mu koma gida da takardar nan tamu, domin a can ne za ta yi aiki ko ta faɗi. Lissafin daga baya ake faro shi. Ƙararrawa 7:30 ce, don haka yaro ya kamata ya shiga ƙofa da 7:20. In tafiyar ƙafa ce ta minti 25, kuma yaro ɗan aji biyu ba ya sauri irin na babba, to 6:55 ya bar gida. In a adaidaita sahu yake tafiya, sai a ƙara lokacin jira da na ɗaukar sauran yaran unguwa. Karin kumallo minti 15, wato da 6:40 koko ko shayi yana gabansa. Wanka da sa yunifom na yara uku a banɗaki ɗaya ba zai gaza minti 30 ba, wato 6:10 an fara. Ke nan uwa ta hura wuta tun kafin ƙarfe shida, da idar da sallar asuba. Gidan da yara ke zuwa karatun allo bayan asuba su dawo da bakwai, sabon lokacin ya ci karo da shi kai tsaye, kuma gara a je a zauna da malamin allo tun da wuri a mayar da karatun dare ko ƙarshen mako, da a bar yaro yana shan duka a wuri biyu.

Akwai kuma abin da takardu da yawa ba sa la'akari da shi, wato fitowar rana. A Kano, a ƙarshen watan Mayu rana kan fito da misalin ƙarfe shida, amma a Janairu sai bakwai saura minti goma. Yaron da zai bar gida da 6:55 a Mayu cikin haske yake tafiya, a Janairu kuwa gari bai gama wayewa ba, ga hazo ga sanyin hunturu, ga ruwan wanka da sai an ɗumama. Lokacin da ya yi daidai a zango na uku yana iya zama wahala a zango na biyu. Ina ganin babu laifi makaranta ta rubuta a takardar cewa daga Disamba zuwa Fabrairu an ƙara minti 15, maimakon ta kafa dokar da ta san rabin ɗalibanta ba za su iya cikawa ba.

Ɓangaren tashi ma yana da nasa lissafin. Wanda aka sallama da 2:00 ya isa gida 2:30, ya yi sallar azahar, ya ci abinci, in Islamiyyarsu da la'asar ake shiga to da sauƙi, in kuwa da 3:00 ce, hutu ya tafi. Sannan yaron da ya karya da 6:40 zai kai awa takwas kafin abincin rana, saboda haka kuɗin tara ko ɗan abincin da ake zuba masa a kwano ba zai zauna yadda yake a da ba.

Hedimasta yana da hujja mai ƙarfi a kan latti, kuma ya kamata iyaye su ji ta da lissafi. Zango ɗaya kusan mako 13 ne, wato kwana 65 na karatu. Yaron da kullum yake shiga aji bayan an yi minti 20 da fara darasi, ya yi asarar minti 1,300 a zango, sama da awa 21. In darasi minti 35 ne, darussa 37 ke nan. Abin da ya ƙara muni shi ne makarantu da yawa lissafi da Turanci suke sawa a farkon jadawali, lokacin da kan yara yake a sake. Don haka asarar a kan darasi ɗaya ko biyu take taruwa, kuma farkon darasi ne yake wuce shi, inda malami ke bayanin sabon abu. Yana shiga ya tarar ana aikin aji a kan abin da bai ji ba. In ka ga ɗanka yana ƙoƙari a sauran fannoni amma lissafi ya faɗi, ka duba jadawali ka kuma tambayi malamin aji ƙarfe nawa yake shigowa.

Wannan lissafin kuma shi ne ma'aunin da za a auna hukuncin da takardar ta tanada. Yaro ya makara da minti 10, sai a tsare shi a ƙofa, a sa shi tsallen kwaɗo ko tsintar leda na rabin awa, ya shiga aji darasi ya ƙare. Makaranta da hannunta ta mayar da asarar minti 10 ta zama ta 40. Mafi muni shi ne rufe ƙofa a ce ya koma gida. Ba kowane yaro ne ke komawa ba. Wasu a bayan katanga suke yini, ko gidan kallon ƙwallo, ko bakin kasuwa, su dawo gida da lokacin tashi kamar an yi karatu. Daga nan latti yake zama fashi. Ga kuma haɗarin sakin ’yar shekara bakwai a titi ba tare da sanin iyayenta ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye a Nijeriya alhakin tabbatar da cewa yaro ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kammala, to bai dace makarantar da aka kawo shi ta zama ita ce mai mayar da shi titi ba.

Tsarin da ya fi aiki mai hawa-hawa ne. Wanda ya makara a rubuta sunansa da lokacin isowarsa a littafin ƙofa, ya wuce aji nan take. In ya kai sau uku a mako biyu, malamin aji ya kira gida. In ya ci gaba, a gayyaci uba ko uwa ofis. Hukunci in ya zama dole, a yi shi lokacin tara ko bayan an tashi, da sanin iyaye. Amfanin littafin shi ne yana nuna dalili. Yaron da Litinin kaɗai yake makara, wataƙila a wani gida yake kwana ƙarshen mako. Yara biyar ’yan unguwa ɗaya da suke isowa tare a makare, matsalar mai adaidaitarsu ce. Yarinyar da kullum take latti alhali ƙaninta yana zuwa da wuri, a binciki wanke-wanke da ɗiban ruwa da tallar safe. Ɗan firamare ba shi ke riƙe da agogon gidansu ba, kuma bulala a jikinsa ba ta gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Takardar tana ɗaure makaranta kamar yadda take ɗaure gida. In an ce ƙofa 7:00, to ya zama akwai babba a harabar tun 7:00. In an ce darasi 7:45, malami ya kasance a gaban allo da 7:45, domin yara suna lura, kuma da zarar sun ga sun yi sammako sun zauna jiran malami har 8:30, dokar ta mutu. Haka nan a ba iyaye aƙalla mako biyu kafin ta fara aiki, a rubuta ta da Hausa tare da Turancin, a aika saƙon murya ga waɗanda ba sa karatun boko, a kuma sa ɗan yanki a ƙasa da za a sa hannu a mayar.

Iyaye, in irin wannan takarda ta iso, ku zauna da ita a daren, ku yi lissafin safiyarku daga ƙararrawa zuwa baya. In kun ga ba za ta yiwu ba saboda nisa ko karatun allo ko rashin abin hawa, ku je wurin hedimasta a cikin makon, ko ku kai maganar taron iyaye da malamai, tun kafin sunan ɗanku ya shiga littafin ƙofa.