Daga Allo Zuwa Kamasho: Amsar da Malami Ke Bayarwa Ranar Intabiyu

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, lissafin malamin makaranta a Nijeriya ya rikice. Kuɗin mota ya ninka, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, kuma ko da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin shekarar, malaman ƙananan makarantun kuɗi da yawa sai labarinsa suka ji. Dokar 2022 da ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65 ta faranta wa waɗanda suka kusa ajiye aiki, amma ba ta ce komai ga ɗan shekara talatin mai takardar NCE da mata da 'ya'ya biyu ba. Irinsa ne ake gani yanzu a layin neman aikin sayar da kayan sola, littattafan makaranta, inshora da na'urar POS.

Dalilin da ya sa sayarwa ce ta fi jan su ba boyayye ba ne. Ba a neman wata sabuwar takarda, ana ɗaukar mutum da wuri, kuma akwai kamasho, wato abin da ka samu yana iya bin ƙoƙarinka. A aji, ko ka kwana kana makin ko ka kwana kana barci, albashin ɗaya ne.

Sai dai akwai wani nauyi da malami Bahaushe ke shiga da shi ɗakin intabiyu. Kalmar "malam" girma ce, kalmar "talla" kuwa a kunnenmu tana tuno da yarinya da faranti a ka. Shi ya sa idan aka tambaye shi me ya raba shi da koyarwa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi yallaɓai, yanayi ne ya sa." Wani kuma ya ɗauki ɗaya hanyar, ya shiga kushe aikin: ba kuɗi, ba mutunci, shekaru bakwai sun tafi a banza. A ganina amsoshin nan biyu ɗanjuma ne da ɗanjummai, domin kowacce tana gaya wa manaja cewa mutumin nan gudowa ya yi, bai zaɓi aikin ba.

Manajan da ya yi tambayar bai damu da tarihin rayuwarka ba. Abin da ke ransa shi ne kuɗin da zai kashe wajen horar da kai. Yana tsoron ka yi wata uku, gwamnatin jiha ta buɗe ɗaukar malamai, ka koma. Yana kuma tsoron cewa mutumin da ya saba yara su miƙe su gaishe shi ba zai jure a bar shi tsaye a bakin shago ba, balle ya buɗi baki ya ce a biya. Mai ba da haƙuri ya tabbatar masa da tsoron farko. Mai kushe tsohon aikinsa ya ƙara masa wani: gobe haka zai kushe kamfanin a gaban kwastoma.

Wani malamin lissafi da na sani a Kano, wanda ya yi shekara shida a wata makarantar kuɗi, ya nemi aiki a kamfanin sayar da sola. Da farko ya shirya faɗin abin da kowa ke faɗa, cewa malami ya iya magana kuma yana da haƙuri. Wannan ba hujja ba ce, kowa zai iya da'awarta. Da ya zauna ya tuna abin da yake yi bayan an tashi daga aji, sai ya ga ashe ya daɗe yana ciniki bai sani ba. Shi mai makaranta ke turawa wajen iyayen da ake bi kuɗin zango. Shi ke zagaya da uban da ya zo duba makaranta, ya amsa masa me ya sa kuɗinsu ya fi na maƙwabta. Sai ya gina amsarsa a kan wannan:

"Yallaɓai, na koyar da lissafi shekara shida, kuma na ji daɗin aikin. A shekaru biyun ƙarshe ni ke bin iyayen da ba su biya ba. Zangon da ya wuce an ba ni sunaye talatin da biyu, ashirin da biyar sun biya kafin jarrabawa, ba a kori yaro ko ɗaya ba, domin na raba wa wasu biyan gida uku. A nan na gane wannan ɓangaren na fi ƙwarewa a kai, kuma ina son aikin da samuna zai bi sakamakona."

A lura bai ɓoye maganar kuɗi ba. A wasu ayyukan ana jin kunyar ambatonta, a sayarwa kuwa manaja ya fi natsuwa da wanda ya ce kamasho yake so. Bambancin yana wajen yadda aka faɗa: "albashi bai isa ba" kuka ne, "ina son samuna ya bi ƙoƙarina" zaɓi ne. Kuma lambobin nasa na gaske ne, waɗanda mai makarantar zai iya tabbatarwa idan an buga masa waya.

Sai manajan ya kawo abin da ya fi wuya. Ya ce ɗalibi dole ne ya zauna ya saurare ka, kwastoma kuwa yana iya juya baya. Malamin bai musa ba, kuma nan ne na ga ya yi hikima. Ya ce gaskiya ne, bai taɓa shiga shagon wanda bai sani ba ya tallata kaya, kuma ya san malami na da cutar yawan bayani. Wannan cuta ce ta haƙiƙa. Tsohon malami zai tsaya gaban mai shagon ɗinki ya yi minti ashirin yana karantar da shi bambancin batir da inbata, alhali abin da telan ke so ya ji shi ne ko keke biyu da fanka za su tashi, kuma wata nawa kuɗin man janareta zai mayar masa da abin da ya kashe. Ana gane mai wannan cuta da sauƙi: kwastomomi suna yaba shi, suna cewa "Malam ya iya bayani", amma littafin odarsa fayau. Amincewa da giɓi irin wannan daban yake da ba da haƙuri, domin magana ce a kan abin da za ka koya, ba ta taɓa darajar abin da ka yi a baya ba.

Akwai lissafin da ya kamata a yi tun kafin intabiyu, wanda yawancin masu sauya sheƙa ke tsallakewa. A ce makaranta na biyan 45,000 kuma da ƙafa ake zuwa. Kamfani ya ce 40,000 tsayayye da kashi 3 cikin 100 na abin da aka sayar. Idan yawon neman kwastoma na cin 1,500 a rana, kwana 22 sun cinye 33,000, saura 7,000. Sola ta 600,000 tana kawo kamashon 18,000, don haka sayar da biyu bai mayar da kai inda ka baro ba, sai ta uku. In mutum ɗaya cikin goma ne ke saye, kana bukatar zama da mutum talatin a wata. Wanda ya yi wannan lissafi zai tambayi manaja ko ana ba da kuɗin mota, kuma yaushe kamasho ke fita, ranar da aka yi ciniki ko ranar da kwastoma ya gama biya. Tambayoyin nan sun fi kowace rantsuwa nuna cewa ba da wasa ka zo ba.

Makarantu su ke kwana a ciki. Wanda kamfani ya fi so shi ne mai lissafi, mai Turanci, mai iya zama da iyaye, kuma shi ne mai makaranta ya fi wahalar maye gurbinsa. Idan ya tafi a tsakiyar zango, 'yan ajin ƙarshe su ke shiga WAEC da rabin manhaja. Malamin da nake ba da labarinsa ya roƙi a jira shi mako biyar ya kammala zango, kamfanin ya yarda. Iyayen da ya rabu da su lafiya su ne mutanen farko da ya buga wa waya, kuma har yau "Malam" suke ce masa. Bai hana su ba, ya ma sa a buga masa shi a katinsa.