Takardar burebe: ina shingenta ya tsaya?

A shirinmu na wannan mako mun ɗauko tambayar da 'yan kasuwar Zangon Kwatano ke yawan yi: in mutum ya ce injinsa na da burebe, wato takardar mallakar ƙirƙira, shi ke nan ba mai ƙera irinsa ko ya sayar?

Amsar tana cikin takardar, amma ba ko'ina ba. Akwai dogon bayani, akwai zane-zane, sannan akwai jimloli masu lamba 1, 2, 3. Waɗannan jimloli su ne da'awa, kuma su ne shingen gonar. Bayani da zane aikinsu su taimaka a gane da'awar. Abin da aka zana amma ba a sa shi a da'awa ba, to yana wajen shinge.

A ce wani maƙeri ya yi injin yanka karan dawa don abincin shanu. Da'awarsa ta 1 ta ce: inji mai mazubi, da wuƙa mai juyawa, da rariya a ƙarƙashin wuƙar. Abu uku ke nan. In injin da ka sayo yana da duka ukun, ka shiga gonarsa, ko da an ƙara masa taya, an canza fenti. Ƙari ba ya fid da kai. In kuwa naka ba rariya sam, ka tsira daga wannan da'awar. Sai dai a kula, wanda ya cire rariya ya sa faranti mai huji-huji da ke yin aikinta, alƙali na iya cewa duk ɗaya ne. Da'awa ta 2 kuma, in ta ce "injin da'awa ta 1, mai wuƙa huɗu", ƙaramin shinge ne a cikin babba. Don haka daga ta 1 ake fara karatu.

Kada ɗan kasuwa ya ce ai ba shi ya ƙera ba. Shigo da kayan da sayar da su duk suna cikin abin da mai takarda zai iya hanawa.

To, sai maganar iyaka. Benin da Nijar suna cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, hedkwatarta a Yawunde. Takardarta guda tana aiki a Kwatano, tana aiki a Gaya. Najeriya ba ta ciki, da ka tsallaka Seme ƙarfinta ya ƙare, sai in mai ita ya yi wata rajistar a Abuja. Wa'adinta shekara 20 daga ranar shigar da buƙata, in ana biyan kuɗin kowace shekara. In an daina biya, tana faɗuwa.

Sunan kaya da tambarinsu kuwa, burebe bai taɓa su ba, rajistarsu daban ce.